Dokar gaɓa: asalin abin da ke ba Bahaushe wahala a furucin Turanci

Duk lokacin da aka ta da zancen Turancin Bahaushe, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne rikicin *p* da *f*. Da shi ake tsokanar ɗan Arewa a makarantun kwana da sansanin 'yan hidimar ƙasa, har wasu malamai suka ɗauka idan an gyara shi an gama aiki. Matsalar tana nan kam, amma ita ce mafi sauƙin magani, domin ana ganinta da ido a leɓen mai magana. Wadda ta fi ta ɓarna ba a ganinta, kuma ba a cika yi mata suna a aji ba. Ita ce dokar da Hausa ta shimfiɗa a kan yadda ake gina gaɓa. Dokar nan guda ɗaya ce ke haifar da abubuwa biyu da littattafan koyarwa kan raba su babi-babi kamar ba su san juna ba: tuntuɓe a kan baƙaƙen da suka jeru ba wasali a tsakaninsu, da kuma haɗe wasulan Turanci da ya kamata a bambanta.

Gaɓar Hausa iri uku ce kawai. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar gaɓar farko ta *gida*. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar gaɓar farko ta *rana* ko ta *sauro*. Sai kuma baƙi da gajeren wasali da wani baƙin da ya rufe gaɓar, kamar gaɓar farko ta *sarki*. Daga nan an rufe ƙofa. Baƙi biyu ba sa buɗe gaɓa, baƙi biyu ba sa rufe ta. Ban da irin su *sh* da *ts* da *kw*, waɗanda sauti ɗaya ne a baki, inda duk ka ga baƙaƙe biyu a jere cikin kalmar Hausa, kamar a *fuska* ko *gulbi*, to iyakar gaɓa ce ta ratsa tsakaninsu: na farko ya rufe gaɓar baya, na biyu ya buɗe ta gaba. Kalmomin da ke ƙarewa da baƙi ma ba su da yawa, irin su *mutum* da *malam* da *takwas* da *biyar*, sai kalmomin ƙarfafa zance irin *tsaf* da *wuf*, kuma dukkansu baƙi ɗaya ne tak a ƙarshe.

Turanci kuwa ya yarda baƙi uku su buɗe gaɓa, kamar a *street* da *spring*, ya kuma yarda har huɗu su rufe ta, kamar a *texts*, inda ake jin sautin k da s da t da s a jere. Kalmar *strengths* duk tsawonta gaɓa ɗaya ce, da wasali ɗaya tal a tsakiya. Yaron da ya tashi da gaɓa iri uku, aka miƙa masa wannan, dole bakinsa ya nemi hanyar da zai shigar da ita cikin ma'aunin da ya sani. Hanyoyin biyu ne: ko ya cusa wasali ya raba baƙaƙen, ko ya yar da wasu daga cikinsu.

Ba sai an je ɗakin bincike ba kafin a ga haka, kalmomin aro da muke faɗa kullum sun isa shaida. *Driver* ya zama direba, *glass* ya zama gilashi, *store* ya zama sito, *trailer* ta zama tirela, *bread* ya zama burodi, *plug* ya zama fulogi. Ko wasalin da ake cusawa ba da ka ake zaɓensa ba. Galibi *i* ne, amma idan baƙin na leɓe ne, ko wasalin da ke gaba mai zagaye leɓe ne, sau da yawa sai a ji *u*, shi ya sa aka sami burodi da fulogi da kulob. Tun kafin zuwan Turawa haka Hausa ta yi wa Larabci: daga kalmomin da ke ƙarewa da baƙi biyu muka sami darasi da harafi da ilimi da kabari. A cikin Hausa waɗannan kalmomi daidai suke, ba wanda zai ce a gyara burodi. Inda wahala take shi ne lokacin da mai koyo ya buɗe baki zai yi Turanci, dokar ta biyo shi can ba tare da ya sani ba.

A farkon kalma, cusa wasali ya fi yawa. Sau da dama mai sauraro yakan gane abin da ake nufi, domin duk baƙaƙen suna nan, ƙari kawai aka yi. Sai dai akwai kalmomin da wasalin nan kaɗai ya raba su da wasu. Wanda ya cusa wasali a *sport* ya faɗi *support*. Haka *drive* ke komawa *derive*, *blow* ya koma *below*, *plight* ya koma *polite*. Ban da wannan, ƙarin wasali ƙarin gaɓa ne, kuma Turanci harshe ne da ke dogara da gaɓar da aka danna. Idan kalma mai gaɓa ɗaya ta zama mai uku, kamar yadda *strike* kan fito sitiraik, kunnen da ya saba da Turanci yakan ɗan tsaya neman kalmar, kafin ya same ta mai magana ya yi gaba.

A ƙarshen kalma kuwa yarwa ta fi yawa, kuma a nan ne babbar asara take. Dalili shi ne Turanci a wutsiyar kalma yake rataya nahawunsa. Alamar jam'i tana can, alamar shuɗaɗɗen lokaci tana can, har korewa ma wani lokaci tana can. Hausa ba haka take ba. Lokacin aiki yana gaban aikatau, a cikin *ya* da *yana* da *zai*, jam'i kuma yakan sauya siffar kalma gaba ɗaya, gida ya zama gidaje, har kurma ma ya ji bambanci. Saboda haka kunnen Bahaushe bai saba jiran wani muhimmin saƙo daga baƙin ƙarshe ba. Idan ya yar da sautin t na ƙarshen *walked*, a wurinsa ɗan ƙaramin sauti ne ya faɗi, alhali a Turanci jiya ce ta koma kullum. Idan ya yar da na *can't*, ya ce zai iya a inda yake nufin ba zai iya ba. Haka *cold* ke zama *coal*, *find* ya zama *fine*, *guest* ya zama *guess*, *past* ya zama *pass*.

Abin da ke damuna a nan shi ne yadda matsalar ke bin yaro har cikin rubutu, a yi ta hukunta shi a kan laifin da ba shi ne nasa ba. Ɗalibi ya rubuta *he was ask to come*, malam ya ja jan biro ya ce bai san nahawu ba, ya sake ba shi jadawalin aikatau ya haddace. Yaron kuwa ya san dokar sarai, in ka tambaye shi zai karanto maka ita. Abin da yake ji a kansa lokacin da yake rubutu shi ne muryarsa, kuma a muryarsa babu wannan wutsiya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Duba ko yana rubuta *wanted* da *needed* daidai amma yana tuntuɓe a *asked* da *stopped* da *passed*. A rukunin farko alamar gaɓa ce cikakkiya mai wasalinta, domin aikatau ya ƙare da t ko d, don haka ta dace da ma'aunin Hausa. A rukuni na biyu baƙi ne tsura da aka liƙa a kan wani baƙin. Idan kuskuren ya taru a rukuni na biyu kaɗai, ciwon na kunne da baki ne, jadawalin nahawu ba zai warkar da shi ba.

Yanzu ga ɓangaren da aka fi yi wa gurguwar fahimta, wato wasula. Sau da yawa za ka ji an ce Bahaushe na rikita *ship* da *sheep* ne saboda Hausa wasali biyar gare ta, Turanci kuma ashirin. Lissafin Turancin daidai ne idan ana maganar karin Ingila da ake koyarwa a makarantunmu: tilo goma sha biyu, tagwaye takwas. Amma biyar ɗin Hausa a rubutu ne kawai. A baki kowanne yana da gajere da dogo, sun zama goma ke nan, ga kuma *ai* da *au*. Bahaushe ba ya taɓa rikita garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, ko dafa abinci da dafa kafaɗa, ko fasa tulu da fasa tafiya, ko duka na jimla da dukan sanda. Tsawon wasalin gaɓar farko na cikin abin da ke raba kowane biyun nan, kuma yaro ɗan shekara huɗu yana jin sa. Ashe kunnen da ke jin tsawo yana nan. To me ya hana shi aiki a *sheep*?

Dokar gaɓa ce dai. Cikin gaɓoɓin nan uku babu mai dogon wasali da baƙi ya rufe ta. Da zarar baƙi ya rufe gaɓa a Hausa, dole wasalin ya gajarce. Faɗi *gida*, ka saurari tsawon wasalin ƙarshe, sannan ka faɗi *gidan Audu*. Wasalin ya tsuke. Haka *riga* da *rigar*. Da *o* da *e* abin ya ma wuce gajarcewa, sukan karkata zuwa *a*: muna rubuta *bangon ɗaki* amma abin da ke fita a bakin yawancinmu ya fi kusa da bangwan ɗaki. To *sheep* da *seat* da *leave* da *feel* da *pool* duk rufaffun gaɓoɓi ne masu dogon wasali, abin da Hausa ta haramta. Baki sai ya yi abin da ya saba, ya gajarce, su koma *ship* da *sit* da *live* da *fill* da *pull*. Mutumin nan da ya kasa faɗin *seat* zai faɗi *see* da *tea* da *two* ba tare da wata matsala ba, domin gaɓar a buɗe take.

Kalmomin aro biyu sun nuna zaɓin da ke gaban bakin Bahaushe ƙarara. *Coat* ta shigo Hausa a matsayin kwat: an bar gaɓar a rufe, sai wasalin ya biya kuɗin, ya gajarce ya koma *a*, kamar yadda *gold* ya zama gwal. *Court* kuwa ta shigo a matsayin kotu: an ceci dogon wasalin, amma sai da aka ƙara *u* a ƙarshe don gaɓar ta buɗe. Ko dai ka rufe gaɓa ka rasa tsawo, ko ka riƙe tsawo ka ƙara wasali. Turanci yana neman abu na uku, a riƙe tsawon kuma a rufe gaɓar, kuma wannan na ukun shi ne ainihin abin da ya kamata a koya wa ɗalibi. Wannan dalilin ne kuma ke haɗe *gate* da *get*, *taste* da *test*, *pain* da *pen*, *late* da *let*. Tagwan wasalin da ke cikin kalmomin farko yakan fara zama dogon *e* a bakin mai koyo, sannan rufaffiyar gaɓa ta gajarce shi.

Inda abin ya fi cunkushewa shi ne yankin *a*. Ɗauki kalmomi huɗu: *hut*, *heart*, *hat*, *hurt*, wato bukka da zuciya da hula da jin ciwo. Wasula huɗu ne daban-daban a Turanci, amma a bakin mai koyo da yawa duk sukan fito hat. Mun ga alamar haka a kalmomin aro, inda *bus* ta ba mu bas, *nurse* ta ba mu nas, wasali ɗaya a madadin biyu. A nan Bahaushe yana da wata riba da ba a cika gaya masa ba. Gajeren *a* na Hausa, irin na garin da ake zama, yana kusa ƙwarai da wasalin *hut* da *cut* da *bus*. 'Yan'uwanmu na Kudu da yawa sukan mai da shi *o*, shi kuwa ɗan Arewa kusan daidai yake faɗinsa tun daga gida. Irin waɗannan bambance-bambance tsakanin Turancin Arewa da na Kudu na cikin abin da Farfesa Munzali Jibril ya nazarta a bincikensa na digirin digirgir a Jami'ar Lancaster a 1982. Don haka *hut* ita ce mafari, daga ita za a auna sauran. *Heart* dogon *a* ne irin na garin tuwo, baki a buɗe sosai, a riƙe shi har a isa baƙin ƙarshe. *Hat* gajere ne, amma harshe na matsowa gaba, leɓɓa su ɗan baje, muƙamuƙi ya sauka. *Hurt* ita ce baƙuwa ta gaskiya, babu kamarta a Hausa: baki a ɗan buɗe kaɗan, harshe kwance a tsakiya bai yi gaba ba bai yi baya ba, a ja sautin. A karin Ingila ba a furta *r* ɗin da ke rubuce cikin *heart* da *hurt*, a na Amurka ana furtawa.

Akwai gargaɗi ɗaya game da tsawo. Bambancin *sit* da *seat* ba a tsawo kaɗai yake ba. A *seat* harshe na ɗagawa sama sosai kusa da ganɗa, leɓɓa a baje. A *sit* harshe na ɗan sauka ya saki jiki. Sannan Turanci da kansa yakan rage tsawon wasali idan baƙi marar ziza, wato wanda murya ba ta rawa wajen furta shi, irin *t* da *f*, ya biyo baya, shi ya sa wasalin *seat* bai kai na *seed* tsawo ba, na *leaf* bai kai na *leave* ba. Malamin da ya ce wa yara su ja kawai, zai sami masu jan kowace kalma har ta fita daga kamanninta. Tsawo mafari ne mai kyau domin ɗalibi ya riga ya san shi, daga baya sai a gyara mazaunin harshe.

Wani zai ce, idan dokar nan ta yi zurfi haka, anya bakin da ya girma da ita zai iya karya ta? Amsar tana makarantar Islamiyya. Duk yaron da ya koyi tajwidi yana karya ɓangarorin dokar biyu kullum. Idan ya karanta Suratul Asri ya tsaya a ƙarshen kowace aya, ayoyin uku duk da baƙi biyu a jere suke ƙarewa, babu wasali a tsakani ko a bayansu, kuma malamin kirki ba zai bar shi ya cusa wasali ba. A hira zai ce la'asar da alfijir, a karatu kuwa ya rufe kalmar da baƙaƙenta biyu. Haka idan ya tsaya a ƙarshen ayoyin Fatiha, dogon *i* yake ja sannan ya rufe shi da *n* ko *m*, wato dogon wasali cikin rufaffiyar gaɓa, daidai abin da *seen* da *seem* suke bukata. Ya iya ne domin an zaunar da shi, an karanta masa ya ji, ya maimaita, an tsayar da shi a kan harafi ɗaya har ya daidaita. Furucin Turanci bai taɓa samun irin wannan zama a yawancin makarantunmu ba. Ko jarrabawar WAEC, takardar da aka ware wa furuci tambayoyi 60 ne na zaɓen amsa a rubuce, ɗalibi na iya cinye ta bai buɗe baki ba.

Daga nan ne ma maganin sautin *th* yake, ga wanda yake so. Sautukan biyu na *think* da *this* su ne na ث da ذ. Hausa ta mai da su *s* da *z* a kalmomin Larabci, shi ya ba mu misali da hadisi da zikiri da izini, haka kuma take yi musu a Turanci. Wanda ya iya fitar da su a karatu, kan harshe a gefen haƙoran sama, ya riga ya iya su. Shi kuwa *p* da *f*, tushensa shi ne Hausa sauti ɗaya gare ta a wurin, wanda ake yi da leɓɓa biyu, kuma yana sauyawa daga kari zuwa kari, har ya zama *h* ko *hw* a Sakkwato da Katsina da ƙasar Nijar, inda za ka ji tahi da hwara. Madubi ya isa: a *f* da *v* haƙoran sama na taɓa leɓen ƙasa iska na wucewa, a *p* da *b* leɓɓa biyu na rufewa ruf sannan su buɗe.

Bari mu ɗauki jimla ɗaya mu bi ta daki-daki: *The students asked to leave first*, wato ɗaliban sun nemi su fara tafiya. A bakin mai koyo da dokar gaɓa ke riƙe da shi, abin da zai fito ya yi kusa da "za situden as tu lib fas". Kurakuran sun kai bakwai, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. *Z* a madadin *th* ba ta ɓatar da kowa. Wasalin da aka cusa a farkon *students* ya ƙara gaɓa, amma an gane kalmar. Sauran su ne masu kisa. Wutsiyar *students* ta faɗi, ɗalibai sun koma ɗalibi ɗaya. *Asked* ta rasa tsawon wasalinta da wutsiyarta, ta koma wani abu mai kama da *has*. *Leave* ta gajarce ta zama *live*. *First* ta rasa wasalinta da baƙin ƙarshe, ta faɗa tsakanin *fast* da *fuss*. Mai sauraro da bai saba da Turancinmu ba yana iya jin *the student has to live fast*, zancen da ba shi da alaƙa da abin da aka nufa.

Wannan rabe-raben nauyi ya yi daidai da abin da masaniyar harshe Jennifer Jenkins ta fitar a shekarar 2000, bayan ta nazarci inda fahimta ke yankewa tsakanin masu Turanci da ba harshen uwarsu ba ne. Ta nuna cewa musanya *th* da wani sauti ba ya cika hana fahimta, cewa ƙara wasali ya fi yar da baƙi sauƙin illa, kuma bambancin dogon wasali da gajere na cikin abubuwan da ba a sakaci da su, haka ma wasalin nan na *first* da *hurt*. A ganina malamin da ke da minti arba'in da yara fiye da yadda aji zai ɗauka, nan ya kamata ya zuba ƙarfinsa, ya bar *th* zuwa ƙarshe.

Gyaran jimlar zai fara daga wutsiya, kuma akwai dabarar da ta dace da bakin Bahaushe. Idan kalmar da ke biye ta fara da wasali, a ɗauki baƙin ƙarshe a jingina shi da ita, kamar yadda masu harshen ma suke yi. *Find it* sai ta zama fain-dit, *cold air* ta rabu bayan *l*, *d* ta tafi gaba, *stopped us* ta zama stop-tas. Kowace gaɓa ta koma mai baƙi ɗaya a ƙarshe, abin da bakin ya saba. A jimlarmu, *s* ta ƙarshen *students* za ta hau kan *asked*, jam'i ya tsira. Bayan ɗalibi ya saba jin wutsiyar a irin wannan wuri, sai a cire kalmar da ke biye a bar shi ya tsaya a kan baƙin, kamar yadda yake tsayawa a ƙarshen aya. Ya kamata kuma a gaya masa gaskiya cewa masu harshen ma suna sauƙaƙawa, amma da ƙa'ida. Sukan yar da baƙin tsakiya idan uku sun jeru, shi ya sa *k* ta *asked* kan ɓace a magana mai sauri, *t* ta *next day* ma haka. Abin da ba sa yarwa shi ne *s* ta jam'i, ko alamar shuɗaɗɗen lokaci idan wasali ne ke biye da ita.

Na farkon kalma kuwa, Hausa da sunayenmu sun tanadi matakala. Mai cewa iska ya riga ya jera *s* da *k*, abin da ya rage ya faɗi kalmar a hankali, ya mai da *i* ɗin raɗa, sannan ya yar da ita, sai ga mafarin *sky* da *scarf*. Mustafa na ba da mafarin *stuff* da *staff*, Isma'ila na ba da na *smile*, Islamiyya na ba da na *slow*, Ibrahim na ba da na *bright*. Tunda *s* sauti ne da ake iya ja, a sa ɗalibi ya ja ta kamar hucin tayar da ta sace, ya faɗa kan baƙi na gaba ba tare da muryarsa ta tashi ba. Ya ɗora yatsa a maƙogwaro: idan ya ji rawar murya kafin ya isa *t* ta *stop*, wasali ya kutso. Masu baƙi uku kuma daga ciki ake gina su zuwa waje, *rain* sannan *train* sannan *strain*, ko *ray* da *pray* da *spray*.

Kafin duk wannan, a tabbatar inda ciwon yake, kunne ko baki. A karanta wa ɗalibi kalmomi goma a cakuɗe daga irin *live* da *leave*, *fill* da *feel*, *pass* da *past*, ya rubuta abin da ya ji. Wanda ke cin rabi yana faɗuwa rabi, canka yake yi, bai fara jin bambancin ba, kuma sa shi maimaitawa a wannan mataki ɓata lokaci ne, sauraro yake bukata tukuna. Wanda ya ci kusan duka amma ya kasa faɗa, aikinsa na baki ne. Shi sai a sa shi tafa hannu sau ɗaya ga kowace gaɓa yayin da yake faɗin *school* da *stopped* da *strike* da *desks*. Kowaccensu tafi ɗaya ce. In ya tafa biyu ko uku, ya ji da kansa inda wasalin ya shiga. A haɗa masa da kalmomin da rubutu ke yaudara a kansu, irin *listen* da *comb* da *debt* da *sword*, inda yake wahalar da kansa wajen jera baƙaƙen da masu harshen ba sa furtawa. Sannan ya ɗauki muryarsa a waya yana karanta jimlar nan ta ɗalibai, ya saurara yana duba abu uku kawai: ko *s* ta jam'i ta fito, ko wasalin *leave* ya kai tsawonsa kafin haƙora su taɓa leɓe, ko *first* ta ƙare da baƙaƙenta biyu.